Sawun da ke bin sa a baya: nazarin mafarkin wani ɗan kasuwar hatsi

Mutumin da zan ba da labarinsa ɗan kasuwar hatsi ne a Kano, shekarunsa 44, yana da mata da 'ya'ya biyar. Da izininsa nake rubuta wannan, kuma na sauya wasu abubuwa don kada a gane shi. Zan riƙa ce masa Alhaji, kamar yadda nake kiransa idan mun zauna. Aikina sauraron masu damuwa ne da ba su shawara, kuma malamin da yake ɗaukar karatu a wurinsa bayan magariba ne ya turo shi gare ni.

Ga mafarkin kamar yadda ya faɗa. Yana tafiya a wani lungu mai kama da na unguwar da ya tashi, sai dai lungun ba ya ƙarewa. Sai ya ji sawu a bayansa. Idan ya ƙara sauri, sawun ya ƙara. Idan ya karya kwana, sawun ya karya. Daga nan sai ya sa gudu, amma ƙafafunsa su yi nauyi kamar wanda ke ratsa taɓo, ya buɗe baki zai yi ihu murya ta ƙi fita. Daidai lokacin da yake jin numfashin abin a ƙeyarsa sai ya farka, zuciya na bugawa, rigar barci ta jiƙe. Galibi saura kamar awa ɗaya a kira assalatu, kuma barcin ya ƙare ke nan. Wata bakwai yana wannan mafarki, sau biyu zuwa uku a mako.

Na tambaye shi, “Alhaji, mutum ne ko dabba?”

Ya ce, “Wallahi Malam ban sani ba. Ban taɓa waiwayawa ba.”

Ya zo da fassararsa a aljihu: wani abokin hamayya a kasuwa ne ya yi masa jifa. Ya sha rubutu, ya yi hayaƙi, ya kashe kuɗi ba kaɗan ba. Malaminsa ne ya taka masa birki. Ya tuna masa hadisin da ya kasa mafarki gida uku: akwai na bushara daga Allah, akwai na baƙanta rai daga Shaiɗan, akwai kuma abin da mutum yake zantawa da zuciyarsa a farke, sai ya gan shi a barci. Ya umarce shi ya ci gaba da abin da aka koyar, wato neman tsari, tofi a hagu sau uku da juya kwanciya, sannan ya ce masa mafarkin da ya kafe wata bakwai a lungu ɗaya ya fi kama da kaso na uku, ya je a bincika me zuciyarsa take faɗa masa. Na ji daɗin wannan, domin ya rage mini rabin aiki.

Kafin a yi maganar zuciya sai an sallami jiki, domin kuskure mafi muni a wannan aiki shi ne a zauna ana tonon damuwar mutum alhali ƙwaya ce ko cuta take sa shi mafarkin. Na tambaye shi magungunan da yake sha. Akwai waɗanda aka sani da haddasa mafarkai masu ƙarfi, irin su meflokwin na zazzaɓin cizon sauro, furofaranolol na hawan jini, da efabirenz na cuta mai karya garkuwar jiki. Haka wanda ya saba da giya ko ƙwayoyin sa barci, idan ya daina farat ɗaya, mafarkai kan rufto masa na ɗan lokaci. Alhaji ba ya shan ko ɗaya. Na sa ya tambayi maiɗakinsa abu biyu: ko yana minshari mai ƙarfi har numfashinsa ya riƙa ɗaukewa, da kuma ko yana shure-shure da kai naushi cikin barci. Na farko alama ce ta toshewar numfashi, wadda kan sa mutum mafarkin shaƙewa ko firgita. Na biyu, idan ya bayyana a jikin dattijo, likitan ƙwaƙwalwa ya kamata ya gani, domin yana iya zama share fagen cutar karkarwa ta Parkinson. Ta ce ba ya yin ko ɗaya, kwance yake ɗif har ya zabura. Ba dannau ba ne kuma, domin mai dannau idonsa biyu, yana ganin ɗakinsa, motsi ne ya gagara. Shi kuwa Alhaji yana can cikin lungu. Tambaya ta ƙarshe ita ce ko an taɓa bin sa a zahiri, 'yan fashi a hanya ko masu garkuwa. Da ya ce e, da mun ɗauki wata hanya daban, saboda mafarkin wanda ya tsallake rijiya da baya maimaicin abin da ya faru ne, kuma zalunci ne a ce wa irin wannan mutum wai matsala yake gudu. Ya ce a'a.

Na yi masa bayanin abin da aka sani game da lokacin da siffar mafarkin, don ya rage tsoro. Tun 1953, lokacin da Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman na Jami'ar Chicago suka lura da shi, an san akwai wani zangon barci da idanu ke yawo a ƙarƙashin fata, kuma a cikinsa ake yin mafarkai mafi tsawo da armashi. Barci yana zagayawa ne kusan duk minti 90, kuma wannan zango gajere ne a farkon dare, yana ƙara tsawo can goshin asuba. Shi ya sa sawun ba ya zuwa masa ƙarfe goma sha ɗaya, sai gab da assalatu. A wannan zangon ƙwaƙwalwa takan kashe ƙarfin tsokoki don kada mai barci ya tashi ya aikata abin da yake gani, kuma masana da yawa suna danganta nauyin ƙafa da maƙalewar murya da wannan. Hotunan ƙwaƙwalwa kuma sun nuna cewa sashen da ke kula da tsoro yana aiki sosai a lokacin, sashen gaban goshi mai auna hankali kuwa ya lafa. Ke nan tsoron yana iya zuwa cikakke ba tare da an zana masa fuska ba.

Na kuma gaya masa cewa ba shi kaɗai ba ne. A wani bincike da Tore Nielsen da Antonio Zadra da abokan aikinsu suka wallafa a 2003 kan ɗaliban jami'a sama da dubu a Kanada, mafarkin ana bin mutum shi ya zo kan gaba, kusan takwas cikin goma sun taɓa yin sa. Wannan adadi yana da amfani ta fuska biyu. Yana kwantar da hankali, amma kuma yana karya fassarar da ake yawo da ita cewa duk wanda aka bi a mafarki akwai matsalar da yake gudu. Abin da kusan kowa ke yi ba zai zama shaida a kan mutum ɗaya ba. Antti Revonsuo na Finland ma ya kawo ra'ayi a 2000 cewa irin wannan mafarki atisaye ne kawai, ƙwaƙwalwa tana gwajin tserewa daga haɗari kamar yadda ta gada tun zamanin da mutum ke kwana kusa da namun daji. Don haka mafarkin bi guda ɗaya ba ya faɗin komai. Abin tambaya a lamarin Alhaji shi ne maimaicin: me ya sa ya fara wata bakwai da suka wuce, kuma me ya sa wasu darare yake zuwa, wasu ba ya zuwa?

Wannan tambaya ba a amsa ta da littafin fassarar mafarki, da kalanda ake amsa ta. Na ba shi ƙaramin littafi na ce ya yi kwana 28 yana rubuta abu biyu. Da dare kafin ya kwanta, ya rubuta duk abin da ya kauce masa a ranar: kiran da ya ƙi ɗagawa, hanyar da ya sauya, maganar da ya ce sai gobe. Da safe kuma ya rubuta ko mafarkin ya zo, da ƙarfin tsoron daga ɗaya zuwa goma. Dole na dare ya riga na safe. Idan aka bar mutum sai ya yi mafarki sannan ya nemi dalili a jiyansa, zai samu, domin ba ranar da ba ta da abin damuwa.

Ni ma ina da nawa zato, kuma ya faɗi ƙasa. Ya ambaci wani dillali da ke bin sa kuɗin gero, sai na ɗauka nan gizo ke saƙar. Da ya dawo da littafin, mafarkin ya zo sau tara cikin darare 28. Dillalin ya matsa masa a ranaku biyar, amma ko ɗaya cikin dararen ba a bi shi ba. Bashin kasuwa ne da ya saba, suna faɗa suna shiryawa. Abin da ya fito fili daban ne. Duk daren Juma'a huɗu na watan, wato daren Alhamis wayewar Juma'a, mafarkin ya zo, kuma da maki takwas ko tara. Uku sun zo a dararen da ya rubuta, a gajarce, “ban ɗaga waya ba”. Biyun da suka rage ba mu samo musu dalili ba, sai dai ɗaya ya faɗo ranar da zazzaɓi ya ɗan taɓa shi.

Na ce, “Alhaji, me ke faruwa ranar Juma'a?”

Ya yi shiru har na zaci ba zai amsa ba. Sannan ya ce, “Da, in an sauko daga masallaci, gidan Yaya nake wucewa in ga yara.”

“Yanzu fa?”

“Yanzu na sauya masallaci.”

Yayansa ya rasu shekara biyu kafin nan, ya bar mata da 'ya'ya huɗu. Bayan rabon gado, aka damƙa wa Alhaji naira miliyan uku na yaran, ya ajiye don karatunsu. Da kaka ta yi, ya ga dama ta samu, ya sayi masara buhu 60 a kan naira 50,000 kowane, da niyyar ya sayar da bazara ya ƙara wa marayu riba. Bai shawarci kowa ba. Farashi ya karye maimakon ya tashi, ya sayar a kan 32,000, ya tashi da 1,920,000. Da aka cire kuɗin rumbu da dako da maganin ƙwari, saura 1,800,000. Giɓin naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ke nan. Ya sayar da masarar kimanin mako uku kafin mafarkin farko. Babban yaron yana shekarar ƙarshe a sakandare, kuma kiran da ba a ɗagawa na uwar yaran ne.

A nan ne maganar kauce wa matsala take da ƙafar tsayawa, kuma yadda take aiki ya cancanci a tsaya a kansa. Duk lokacin da wayar ta yi ƙara ya ga sunanta, gabansa ya faɗi. Ya kife wayar, faɗuwar gaban ta lafa. Wannan sauƙin na minti ɗaya lada ne, kuma ƙwaƙwalwa tana koyon duk abin da aka ba ta lada a kansa. Masu nazarin halayya sun daɗe da sanin wannan tarko: gudun yana kawo sauƙi nan take, shi ya sa ake maimaita shi, amma yana hana mutum ya gano ko abin da yake tsoro ya kai yadda yake zato. Wata bakwai Alhaji bai ji kalma ɗaya daga bakin matar yayansa game da kuɗin ba. Bai san ko za ta yi kuka ba, ko za ta kai shi gaban alƙali, ko za ta tara masa dangi. Tsoro ne wanda ba a taɓa duba fuskarsa ba, kuma ban ga laifin mai cewa ya yi kama da abin da ke bin sa a lungu ba. Ina dai cewa kama, ban ce hujja ba.

Akwai gwajin da ya fi kusa da zama hujja. A 2004 Daniel Wegner na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa sun sa ɗalibai su zaɓi wani mutum da suka sani. Kafin kwanciya, an ce wa wasu su yi tunaninsa, wasu kuma an ce su yi iya ƙoƙarinsu kada su tuna shi. Da safe, waɗanda aka hana tunanin su suka fi ganin mutumin a mafarki. Bayanin da ake bayarwa shi ne danne tunani aiki ne da ke buƙatar mai gadi, kuma mai gadin yana cikin sashen da ke lafawa lokacin mafarki. Alhaji ya ce tun daga yammacin Alhamis yake fara kokawa da tunanin gidan Yaya, ya kunna rediyo, ya daɗe a majalisa, don kada ya kwanta da shi. Amma a lura da inda lamarinsa ya saɓa wa gwajin: shi bai taɓa ganin matar ko yaran a mafarki ba. Tsoron ne ya tsallako, ba mutanen ba. Kuma darare tara na mutum ɗaya ba bincike ba ne, alama ce da ta isa a gwada.

Gwajin kuwa shi ne a daina gudun da rana, a ga me zai faru da dare. Ba mu fara da zuwa gidan ba, domin wanda ya yi wata bakwai yana kewaye layi ba a ce masa gobe ka je. Makon farko aikinsa ya zauna ya rubuta lissafin a takarda, buhu nawa, nawa aka saya, nawa aka sayar. Abin mamaki, bai taɓa haɗa jimlar ba. A ransa kuɗin “sun ƙone”, sai da ya rubuta ya ga kashi uku cikin biyar suna nan. Mako na biyu ya kai takardar wurin malaminsa. Malam ya ce asali wanda aka ba amana ba ya ramuwa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare abin da aka iyakance masa, sannan ya tambaye shi: ajiya aka ce ka yi ko juyawa? Alhaji ya ce ajiya, kuma zai biya. Suka tsara naira 100,000 duk wata har wata 12. Mako na uku ya kira matar yayansa da kansa, gaisuwa kawai, ya ce zai zo Juma'a mai zuwa da magana.

A gefe guda muka yi aiki a kan mafarkin kansa, da wata dabara da Barry Krakow da abokan aikinsa suka gwada a New Mexico, suka wallafa sakamakonta a 2001 kan mata 168 da aka ci zarafinsu, inda munanan mafarkai suka ragu sosai ga waɗanda suka bi ta. Dabarar ba ta da wuya. Da rana, ba da dare ba, mutum ya ɗauki mafarkin ya sauya shi yadda ya ga dama, ya rubuta sabon, sannan ya rufe ido ya riƙa kallon sabon a zuci minti 10 zuwa 20 kullum. Ba a maimaita tsohon. Ni na so ya waiwaya ya fuskanci mai bin sa, amma na riƙe bakina, domin sauyin da mai mafarki ya zaɓa da kansa shi ake bi. Alhaji ya zaɓi lungun ya ɓulle a teburin wani mai shayi da ya sani tun yana yaro, ya zauna a benci, ya ce a haɗa masa kauri. Yana yin wannan bayan la'asar a shago, yaran shagon suna zaton gyangyaɗi yake.

Abin da ya biyo baya ya kusa sa shi ya watsar. A makon da ya yi alƙawarin zuwa, mafarkin ya zo sau huɗu, fiye da kowane mako. Ya kira ni yana cewa abin ya ƙaru. Na riga na gargaɗe shi cewa haka kan faru, domin wanda ya tunkari abin da yake gudu tsoronsa tashi yake kafin ya sauka. Yadda ake bambance wannan da taɓarɓarewa ta gaske shi ne a duba sauran rayuwa: idan mutum ya daina cin abinci, ya kasa fita kasuwa, ya fara tsoron kwanciya gaba ɗaya ko tunanin mutuwa ta fi masa, to ba aikin littafi da benci ba ne, asibiti za a nufa. Shi yana ci, yana fita, tsoron kuma yana da rana ɗaya da ya dosa.

Ranar Juma'a ya je tare da wani kawunsu. Ya ce bayan gaisuwa ya miƙa takardar ya ce, “Yaya, na yi miki laifi, na yi wa yaran nan laifi.” Ta karanta, ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta ce, “Baffan yara, ai tun da ka ɗauke ƙafa na san akwai magana. Kiran da nake yi, ƙaramin ne ke tambayar ina Baffa.” Ba ta yi murna ba, kada a ɗauka an tashi ana dariya. Ta ce sauran kuɗin a mayar asusun banki da sunan yaran, da sa hannunta da na kawu, ba nasa ba. Wannan ya sosa masa rai ƙwarai, ya kuma amince.

A kwana 28 da suka biyo baya mafarkin ya zo sau uku, maki bai wuce biyar ba. A na gaba sau ɗaya. Ba zan iya raba wanne ya yi aiki ba, zuwa gidan ko bencin mai shayi, tun da tare aka yi su. Wannan rauni ne a nazarin, kuma da gangan na karɓe shi, domin mutum ya zo neman barci ne, ba don ya zama abin gwaji ba. Sai dai yanayin ya dace da abin da Ronald Brown da Don Donderi suka gani a Kanada a 1986, cewa waɗanda mafarkinsu mai maimaituwa ya daina zuwa sun fi waɗanda nasu ke ci gaba kwanciyar hankali. Wannan ma bai nuna wanne ya haifi wanne ba.

A wata na biyar kasuwa ta yi masa tsauri, ya kasa haɗa dubu ɗarin, ya yi kwana shida bai faɗa ba. Sawun ya dawo darare biyu a jere. Ya kai dubu sittin da haƙuri, ya cika sauran bayan mako biyu. Akwai kuma wani dare, can a wata na takwas, da mafarkin ya zo alhali ya biya a kan kari kuma ranar Talata ce. Mun duba littafin sama da ƙasa ba mu ga komai ba, muka bar shi a haka.

Zamanmu na ƙarshe saura wata biyu ya gama biya. Ya koma masallacinsa na da. Ya ce abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: ya so a ce ko sau ɗaya ya waiwaya ya ga ko wane ne. Na tambaye shi ko ya taɓa isa teburin mai shayin a cikin barci. Ya ce sau ɗaya, amma bai samu wurin zama ba, bencin ya cika da buhunan masara.